Takalmi mai rufe idon sawu ko mara nauyi don hawan dutse?

Tambaya: “Zan wuni ina yawo a kan duwatsun Jos. Wane takalmi zan saya, but mai rufe idon sawu ko mara nauyi na gudun daji?”

Amsa: Nauyin kayan bayanka ne zai raba gardama. Idan jakarka ba ta wuce kilo 8 ba, mara nauyin ya fi, domin ba ya gajiyar da ƙafa, kuma tafinsa mai laushi yana kama falalen dutse. Idan kayan sun yi nauyi, ɗauki but, saboda tafinsa mai tauri yana hana tsinin duwatsu cin tafin ƙafarka.

Kada ka sayi wanda ya matse yatsu, domin ƙafa tana kumbura da yamma, kuma farce yana baƙi a gangara. Idan ka taɓa targaɗe, fara ganin likitan ƙashi.