Tabon kuraje: goge fuska ko man asid?

"Ina zaune a Jidda. Fuskata ta dushe, ga baƙin tabon da kuraje suka bari. In ci gaba da gogawa da sukari da lemon tsami, ko in koma man asid?"

'Yar'uwa, ki daina gogar nan tun yau, ki koma asid mai sauƙi. Fata mai duhu irin tamu, da zarar an ƙuje ta ko ta yi zafi, sai ta ƙara fitar da sinadarin da ke ba ta launi, wato melanin, tabon ya ƙara baƙi. Ni da kaina na sha wannan: wata uku ina dirza kumatuna da sukari, nan take fuska ta yi santsi, amma tabo mai girman ƙwayar wake ya faɗaɗa. Lemon tsami kuwa, idan ya haɗu da rana ƙona fata yake yi. Dilka ki bar wa jiki, ban da fuska.

Ki nemi wanda aka rubuta mandelic acid ko lactic acid 5% a kwalbarsa. Da daddare kawai, sau 2 a mako, a kan busasshiyar fuska, sannan ki bi da mai mai laushi. Sharaɗin da ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kai shi ne man kare rana, SPF 30 ko sama, kullum da safe, domin asid na sa fata saurin jin rana, ranar Jidda kuma kin san ta. Ɗan tsikari na minti ɗaya ba komai, amma idan raɗaɗi ya daɗe ko fata ta fara saɓa, ki tsaya mako guda. Ki ba shi mako 8 zuwa 12 kafin ki yanke hukunci, idan tabon bai motsa ba ki ga likitan fata.