Agogon da Ya Auna Bugun Zuciyar Turmi

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ƙanina ya zo hutun sallah daga birni, ya kawo wa ɗana mai aji biyu a ƙaramar sakandare agogon zamani irin mai taɓawa, ya ce dubu goma sha biyu ya saye shi kuma "Apple" ne. Yanzu kullum yaron yana ɗaura wa kakarsa mai hawan jini, agogon ya ce lafiyarta ƙalau, har ta fara cewa ta huta da zuwa asibiti. Na gaskiya ne? Ko in sayo mata nata?

Wata uwa daga ƙauyen Ringim, Jihar Jigawa

Amsa: Malama, kada ki sayo, kuma don Allah ranar awo ta gaba a kai Inna asibiti ko da tana faɗa. Kuɗin da aka faɗa kaɗai ya isa shaida. Mafi araha a cikin sababbin agogunan kamfanin Apple ya haura dala 200, sannan ba ya haɗuwa da kowace waya sai iPhone. Idan na yaronki ya haɗu da wayar Android, ko takardar cikin kwalin ta ce a sauke manhaja irin su FitPro ko HryFine, to kama ce kawai, irin wadda biri ya yi da mutum.

Amma bari in ba ki labarin ɗan yayata, domin abin da ya faru a gidanmu ya fi dogon bayani amfani.

Shekararsa goma sha uku lokacin da kawunsa na wajen uba ya kawo masa irin wannan agogo. Kwalin fari tas, hoton da ke kai fuskar agogon ta cika gefe zuwa gefe. Da aka kunna sai ga baƙin gefe mai kauri ya zagaye 'yar ƙaramar fuska a tsakiya, amma wa ya kula? Ranar Litinin yaro ya naɗe hannun rigar makaranta har gwiwar hannu, ga sanyin hunturu, don kawai a gani. A lokacin tara 'yan ajinsu suka yi layi, kowa a auna masa zuciya. Har wani ya ba shi rabin awararsa don a fara da shi.

Kunyar farko ta same shi a gona. Ya yi wa abokansa alkawarin zai kira mahaifiyarsa ta agogo, kamar yadda ya yi a tsakar gida da daddare kowa ya ji muryar tana fita. Ya danna, ya sake dannawa, shiru. Abin da bai sani ba shi ne agogon ba shi da layi a cikinsa. Ta bulutut yake aron wayar da aka haɗa shi da ita, shi kuwa bulutut irin wannan da wuya ya wuce mita goma, in akwai katangar ƙasa a tsakani ma bai kai haka ba. Wayar tana ɗaki a kan kwalla, shi yana bayan gari. Wannan ba laifin jabu ba ne kaɗai, agoguna na gaskiya da yawa haka suke. Na faɗa ne don iyayen da ke saye da tunanin za su riƙa jin yaro in ya tafi makaranta ko kiwo. In agogon ba shi da layi nasa na kansa, babu wannan zance.

Abin da ya fi damuna shi ne awon. Na je gida na tarar ana ɗaura wa tsohuwarmu, agogo ya kawo 118/79, ana ta hamdala. Ban ce masa jabu ne ba, don na san in na faɗa zai ce baƙin ciki nake. Sai na ce ya cire ya ɗaura a jikin taɓarya. Koren haske ya yi ta walƙiya a bayan agogon, bayan ɗan lokaci ya rubuta bugun zuciya 78. Muka kifa shi a bakin turmi, ya ce 81, har da hawan jini 121/80. Ƙannensa suka fashe da dariya, wai turmi ya fi Inna lafiya. Shi bai yi dariya ba.

Ga yadda na gaskiya ke aiki. Jini yana shanye koren haske. Duk bugun da zuciya ta yi, jini yana ƙaruwa a ƙananan jijiyoyin wuyan hannu, sai hasken da ke dawowa ya ragu kaɗan, tsakanin bugu da bugu kuma ya ƙaru. Don haka dole abu biyu su kasance a bayan agogo: fitilar da ke haskawa, da ɗan idon da ke karanta hasken da ya dawo. Masu jabu da yawa fitilar kawai suke sawa don ido ya gani, lambar kuma an riga an tsara ta a ciki, ta riƙa yawo tsakanin saba'in da tamanin da wani abu, inda lafiyayyen mutum ya saba zama.

Yaron yana da kai, sai ya ce mini ai wataƙila taɓaryar ce ta rikita shi. Kuma yana da gaskiya ta wani ɓangaren, don ko agogo mai ido na gaske wani lokaci abu mai sheƙi yakan ruɗe shi ya fitar da lamba. Saboda haka muka yi gwajin da ba ya barin gardama, kuma shi nake so ki sa ɗanki ya yi da hannunsa.

Na sa ya zauna ya huta, ya ɗora yatsu biyu, manuni da na tsakiya, a wuyan hannunsa ta ɓangaren babban yatsa, har ya ji jijiyar tana harbawa. Ya ƙirga na sakan 15, ya samu 19. Aka ninka sau huɗu, 76 ke nan a minti ɗaya. Agogo ya ce 79. Nan fa ya fara murmushi. Na ce to, ka zagaya filin ƙwallon firamare sau biyu da gudu, kada ka tsaya. Ya dawo yana haki, gumi na ɗiga ta haɓa, ya sake ƙirgawa nan take: 34 a sakan 15, wato 136. Ya duba agogon da ke hannunsa, ya ga 82. Ya sake dannawa, 77. Ya daɗe yana kallon abin, sannan ya ce, "Kawu, ashe ba ya ji na."

Agogo na gaskiya zai iya kuskure da bugu biyar ko goma, musamman in ya yi sako-sako a hannu. Amma ba zai ce wa mai haki 77 ba.

Hawan jini kuwa ya fi wannan nisa. Abin da ake aunawa ƙarfin da jini ke tura bangon jijiya ne, shi ya sa a asibiti ake ɗaura wa damtse wannan ƙyallen a hura masa iska har ya matse. Agogon da bai matse komai ba, bai kuma karanta komai ba, ina ya samo lambarsa? Ko agogunan Samsung masu tsada da ke kintata hawan jini, sai an daidaita su da na'urar damtse duk bayan mako huɗu. Tsohuwarmu da agogo ya ba 118/79, da aka kai ta asibitin sha-ka-tafi washegari, 164/100 aka samu. Ma'aikatan lafiya daga 140/90 suke fara kiran sa hawan jini. Ashe ta yi kwana tara ba ta sha maganinta ba, tana cewa jikanta ya gwada ta. Hawan jini kuma ba ya sallama, mutum na iya yawo da shi garau har ranar da zai faɗi da shanyewar ɓarin jiki.

In agogon ɗanki yana da hoton ɗigon jini wai awon suga, wannan ma a rufe shi. A watan Fabrairun 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da wani agogo ko zobe da ke cewa yana auna suga ba tare da huda fata ba.

Sauran abubuwan yaron ya gano su da kansa cikin mako biyu. Ya hau bayan babur zuwa kasuwa a hanyar burji, ya sauka agogo ya ce ya yi taku dubu biyu. Batir kwana ɗaya da rabi yake yi, ga garin ba wuta, kullum sai an kai wa mai caji, cajarsa kuma ta daban ce, in ta ɓace shi ke nan. Duk ranar da ya mutu gaba ɗaya, lokaci ya rikice sai an sake haɗa shi da waya. An rubuta a kwali cewa ruwa ba ya shiga, amma alwala ta kwana goma ta sa hazo ya kwanta a cikin gilashin. Wannan na ƙarshe ki gaya wa ɗanki tun yau: ya riƙa cirewa kafin ya taɓa buta.

Kuɗin da kika yi niyyar kashewa, ki ƙara a kai ki sayi na'urar awon hawan jini ta damtse mai batir, a babban kemis da kika yarda da shi. Ta damtse, ba ta wuyan hannu ba. Ki duba ƙyallen ya zagaye damtsen Inna daidai, don wanda ya yi mata kaɗan zai ƙara lamba. Ranar asibiti ki tafi da ita a gwada tare da tasu a ga ko sun yi kusa. A gida kuma Inna ta zauna ta jingina bayanta minti biyar, ba magana, hannu a kan matashi daidai ƙirji, a auna sau biyu da tazarar minti ɗaya. Aikin rubutawa ki ba wa yaron: kwanan wata, lokaci da lamba, a bayan tsohon littafin makaranta. Da ma so yake ya zama likitan kakarsa.

Shi kuwa ƙaninki, ba sai an kunyata shi ba. Mai yiwuwa shi ma yadda aka faɗa masa a shago haka ya faɗa miki, kuma dubu goma sha biyu ba ƙaramin abu ba ne mutum ya cire don ɗan 'yar'uwarsa. A yi masa godiya, a bar yaro ya ci gaba da ɗaurawa.

Ɗan yayata har yau nasa yana hannunsa, da hazon da komai. Akwai abu ɗaya a ciki da muka gwada da agogon bango muka ga yana tafiya daidai, wato ma'aunin sakan. Da shi yake ƙirga sakan 15 in ya kama wuyan hannun 'yan ajinsu, amma awara yanzu ba mai ba shi.