Hirar mutum biyu ta ƙi zama a editin

"Jama'a, ina tace sin na mutum biyu suna magana a Premiere Pro. Duk wanda ya buɗe baki sai in yanka zuwa fuskarsa, amma in na kalla sai ka ce karatu suke biya wa juna. Ina kuskuren yake?"

Wallahi ɗan'uwa ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. A kan irin wannan wani darakta ya tsinka ni gaban mutane. Sin ne na wa da ƙanwa, tana gaya masa ta ajiye aiki. Kwana biyu ina kansa. Mutumin nan ya kalli abin da bai kai minti ɗaya ba, ya cire tabarau ya ce, "Wannan editin ne ko yankan farce?" Aka kwashe da dariya, har yaron da ni na koya wa kunna kwamfutar. Abin haushin, shi ne fa yake cewa a tsayar da kyamara da zarar ɗan wasa ya rufe baki, bai bar min ko numfashi ba. Har yau in na tuna sai raina ya sosu.

To, ga abin da ya fisshe ni. Ka manta da hoto tukuna. Jera maganganun, ka rufe ido ka saurara, kana rage shiru ko ƙara shi har hirar ta zauna a kunne. Sai ta zauna za ka taɓa hoto, kuma hoton kaɗai. Danna `N` ka ɗauki Rolling Edit Tool, ka riƙe `Alt` ka ja mahaɗar shot biyun da ke layin hoto V1, sautin da ke layin A1 ya tsaya inda yake.

A wancan sin ɗin, ƙanwar ta ce, "Yaya, na ajiye aikin tun makon jiya, tsoro ne ya hana ni faɗa maka." Da, sai ta gama nake zuwa kansa, alhali fuskarsa ta sauya tun a "na ajiye aikin". Sai na ja mahaɗar hagu, wajen firam 40, sakan ɗaya da rabi da ɗoriya ke nan a firam 25 cikin sakan. Muryarta na ci gaba, mu muna kallon yadda ya daskare. Yankan L ke nan. Da ya ce "Wa ya ba ki shawara?" ita kuma ta tari numfashinsa, sai na ja dama firam 10, aka ji "Ba kowa" kafin a gan ta. Yankan J ke nan, yadda a zahiri sai ka ji murya kafin ka waiga. Ni J ɗina gajere nake yi, L kuwa yakan jure tsawo muddin fuskar mai sauraro tana aiki. In ya tsaya ƙerere yana jiran layinsa, kada ka je kansa. Kuma kada ka bi kowace mahaɗa da wannan, inda aka yi gatse ko tsawa yanka kai tsaye ya fi kaifi.

Ka kula da shot ɗin da aka ɗauka ta bayan kafaɗa. In haɓar mai magana na motsi a gefen hoto, muryar kuma ta wani ɗauka daban ce, za a gane. Na sha kunya a nan ma.

Hoton cike giɓi kuwa, wato ɗan shot na wani abu daban ba fuskar mai magana ba, ni da shi nake rufe ɗinki. Na cire jimla guda daga tsakiyar maganarta, kanta ya yi tsalle, sai na ɗora hannunta tana murza makulli na sakan biyu a V2, layin hoton da ke saman V1. Ya shige saboda hannun ma yana faɗin fargabarta. Agogon bango da ba ruwansa da zancen, kowa zai san ɓoyon kuskure kake. Duba kuma makullin yana hannun da yake a shot na gaba.

Sannan in kana jin "ƙis" ko iskar ɗakin na ɗaukewa a mahaɗa, zaɓi mahaɗar sautin ka danna `Ctrl+Shift+D` ya sa crossfade, wato narkar da sauti cikin na gaba, ka rage tsawonsa zuwa firam 2 ko 4, ka shimfiɗa shirun ɗakin a ƙasa. In ba su naɗo maka ba, tsinto shi tsakanin maganganu. Don Allah in kana da baki a lokeshin, ka roƙe su su naɗi shiru na sakan 30, su kuma bar kyamara ta ƙara sakan 5 bayan layin ƙarshe. Wancan daraktan ko da na roƙe shi, cewa ya yi batir nake so in cinye masa.