Shafin Anti: Adashi biyu sun shaƙe ni, ga na uku ana min tayi

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Kano, albashina dubu 90, ina ɗan saida turaren wuta da humra a waya, wani watan in samu ribar dubu 40 wani watan da ƙyar dubu 15. Ina adashin malamai mu 10 dubu 20 duk wata, ni na kwasa ta biyu kuma kuɗin duk bikin ƙanwata suka tafi, saura zubi 6 a kaina. Sannan akwai na dangin mijina dubu 5 duk Juma'a hannu 20, yayar mijina ce uwar adashin, ni ce ta 17 yanzu muna sati na 11, to wata ƴar ɗakinta da ta kwasa a sati na 4 tun daga sati na 8 ta daina zubi kuma kowa yayi shiru. Kuɗin mota na cin dubu 18, ina taimakawa cefane da kamar dubu 25, ina turawa Mama dubu 10. Wallahi kafin 15 ga wata na fara cin bashi. Yanzu ƙawata ta haɗa sabo dubu 30 duk wata mutum 12 tace zata bani hannun farko in toshe ramuka. In shiga? Kuma ya zanyi da na dangin miji ba tare da an ce na raina Yaya ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kar ki shiga na ukun nan, dan girman Allah kar ki shiga, kuma ba wai dan ina zargin ƙawarki bane, wataƙila da zuciya ɗaya ta miki tayin. Ɗauko biro da takarda muyi lissafin tare ki gani da idonki.

Shi adashi kuɗi ɗaya ne amma fuska biyu gare shi. Wadda take ƙarshe ajiya take yi, tana ba ƴan uwanta rance ba ruwa har ranar da nata zai zo. Wadda ta kwasa da wuri kuma bashi ta ci, ko da kuwa ranar kowa na mata barka. Wannan dubu 360 da ake kwaɗaita miki, dubu 30 ne kawai naki a ciki, wanda kika zuba a ranar, sauran dubu 330 kuɗin mutane ne da zaki yi wata 11 kina biya. Ki ɗora shi kan dubu 120 da malamai ke binki, kinga kin tashi da bashin dubu 450 a kan albashin dubu 90, albashin wata biyar kenan cur ko ruwan leda baki saya ba.

Kuskuren da nake gani wajen mata da yawa, kuma ina jin ke ma shi kika yi, shine auna zubi da watan da kasuwa tayi kyau. Zubi baya sanin kasuwa, ranar sa in tazo tazo. Dan haka da watan da yafi kowanne muni ake aunawa, naki dubu 90 da dubu 15, ya kama dubu 105. Sai wani abu da ƴan zubin sati basu cika lura dashi ba, suna cewa dubu 5 sau huɗu dubu 20 a wata, alhali shekara sati 52 ce, akwai wata huɗu ko biyar a shekara da Juma'a ke zuwa sau biyar, a irin watan dubu 25 zaki fitar. To ki haɗa da na malamai, dubu 45 sun tafi kafin ki taɓa komai, saura dubu 60. Cire mota da cefane da na Mama, dubu 53, abinda ya rage a hannunki dubu 7, a ciki zaki sa data, ki sai sabulu, yaro yayi zazzaɓi, a kawo miki katin biki da anko. Ba wani asiri ko rashin albarka a kuɗinki, lissafin ne tun farko bai fita ba. In kika ƙara dubu 30 a kai, duk irin watan nan giɓin dubu 23 zaki dinga samu, kuma daga cikin kwasar zaki dinga cikewa har ta ƙare, sannan zubin ya cigaba da zuwa. Ni dai a ganina duk zubin mutum in aka haɗa bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na abinda yake da tabbacin samu ba, a wajenki kamar dubu 25 kenan, adashi ɗaya tal. Kuma ki tuna makarantun kuɗi da yawa albashin dogon hutu sai a hankali, in taku haka take to ki duba tun yanzu ko watan zai faɗo cikin zubi shidan da suka rage.

Mafitarki tana cikin na dangin mijin nan da kike jin haushi. Sati 6 ya rage ki kwasa, sati 9 a gama gaba ɗaya, wato matsin wata biyu ne ba na shekara ba. A sati shidan nan ki dakata da anko da gudummawar da ba dole ba, kiyi wa maigida bayani da takardar nan a hannu ko zai ɗauke miki rabin cefanen na wata biyu, kuma duk ribar turare da ta haura dubu 15 ki ware ta gefe a matsayin zubi. In akwai wadda take ta 13 ko ta 14 da bata da wata buƙatar gaggawa ki roƙe ta kuyi musanyar hannu a gaban uwar adashi, ana yi, ba abin kunya bane. Ranar da kuɗin suka shigo, ko dubu 95 ne, a ranar ki cire dubu 15 na sati ukun ƙarshe ki miƙa gaba ɗaya ki huta, ki biya basukan da kika ci a tsakiyar wata, ki ware dubu 40 na zubin malamai na wata biyu, abinda ya rage ki sa a kayan turare tunda shi ne kaɗai abinda ke haihuwa a hannunki. Kar ki bar su a akawun ɗin da kike cefane dashi, zasu narke baki san inda suka bi ba.

Sai maganar wadda ta daina zubi, nan ne nafi so mu tsaya. Ta karɓi dubu 100, ta zuba sati 7 dubu 35, kenan dubu 65 na mutane na hannunta. Su waye mutanen? Duk wadda ta kwasa daga sati na 8 zuwa na 20, mutum 13, kowacce an rage mata dubu 5. Waɗanda suka kwasa kafin nan ko sisi basu rasa ba shi yasa baki ji suna magana, ku na baya kuma kowacce na ganin dubu 5 bata kai a ɓata zumunci ba. Gaskiya dubu 5 ɗin bata dame ni sosai ba, abinda ke damuna shine sauran da suka riga suka kwasa suna kallo, sun ga an daina zubi ba abinda ya faru. In mutum uku suka bi sahu kafin sati na 17 naki ya koma dubu 80, haka adashi ke mutuwa, a hankali daga baya, kuma na ƙarshe ne kullum ke kwana ciki. Kuɗin banki in ya rushe akwai hukumar inshorar ajiya ta NDIC da ke biyan masu ajiya har wani adadi, shi adashi ba wanda ya tsaya masa sai uwar adashi da kunyar idon juna.

Dan haka magana dole ayi ta, amma ba a gurup ba, kuma ba ke kaɗai ba. Ki samu ɗaya daga cikin ƴaƴan gidan wadda ita ma hannunta na baya, wadda Yaya bata iya ce mata bare, kuje gida ku same ta bayan kun gaisa sosai. Kar ki ambaci cin amana, kar ki ce ƴar ɗakinki, ki ce Yaya munzo neman shawara ne, ya za'ayi da hannun wance dan kar nauyin ya taru a kanki a ƙarshe. A al'adar adashi wadda ta kawo mutum ita ke tsaya masa, uwar adashi kuma ita ke cike giɓi, shi yasa ma a wurare da yawa ake bata hannun farko ko a yanka mata wani abu in an kwasa, ta san wannan sarai ba sai kin faɗa mata ba. Ku tafi da mafita a hannu. Wataƙila yarinyar wani abu ne ya same ta, ciwo ko karayar jari, in haka ne a sassauta mata ta dinga kawo dubu 2 da ɗari biyar duk sati, ana ba waɗanda aka ragewa bi da bi daga ta 8, zai ɗau sati 26 amma kuɗin zasu fito kuma sauran zasu ga ba'a yafe ba. A rubuta a littafi ta sa hannu da shaida biyu. In wata tace rubutu tsakanin dangi rashin yarda ne ki tuna mata aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, akan rubuta bashi ta sauka. Mijinki ki sanar dashi kafin kije dan kar yaji a bakin wani, amma kar ki tura shi, in ya shiga maganar ta tashi daga ta adashi ta koma matarsa ta haɗa shi da yayarsa.

In kunje ki buɗe ido ki lura da wasu abubuwa. Waɗanda suka kwasa daga sati na 8, a ranar aka basu ko sai bayan kwana uku huɗu? Dubu 95 cif aka basu ko rabi aka fara basu akace sauran na zuwa? In kika nemi ganin jerin sunaye an nuna miki ba gardama, kuma duk sunan da ke ciki kin san mai shi? In kwasa ta fara jinkiri ana bada ita gutsi-gutsi, ko kika ga hannu biyu uku a farko da sunan wasu da ba wanda ya sani, to matsalar ta wuce ta yarinya ɗaya, ana juya kuɗin ne a wani wuri ana biyan ta yau da zubin gobe. Ko da hakan kika gani kar ki daina zubi cikin fushi, kin riga kin zuba dubu 55 kuma wadda ta fita a tsakiya sai an gama ake waiwayarta in ma an waiwaye ta, gara ki matsa a musanya miki hannu ki kwasa da wuri, kuma duk zubin da zaki yi daga yau ki tura ta banki ki ajiye rasit.

Ita kuma ƙawarki ki gode mata ki ce kina da zubi a kanki sai kin sauke. Bayan wata 6 in kin gama da malamai, in har lokacin kina so, ki shiga guda ɗaya na dubu 20 ko 25, wanda bai wuce mutum 10 ba, tunda yadda kaya ke tashi, a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari, kuɗin da zaki jira shekara kafin ki karɓa ba zasu sai miki abinda zasu saya yau ba. Ki zaɓi hannun da zai faɗo daidai lokacin sarin kayan turare kafin azumi, ki rubuta abinda zaki yi da kuɗin tun kafin ki fara zubi. Ki rubuto min bayan kun dawo daga wajen Yaya inji yadda kuka yi.