Ba ka san ranar warkewa ba, amma kana iya faɗin tsakanin yaushe da yaushe

"Yaya, daga Garwa ta Kamaru nake rubuto maka. Na samu gurbin digiri na biyu a wata jami'a a Faransa, za a fara a watan Satumba. Sai ga shi an gano ina da tarin fuka, na fara shan magani ranar 10 ga Yuli. Likita ya ce aƙalla wata shida, amma bai yanke mini rana ba. Ina so in nemi jami'ar ta ɗaga mini ƙafa. Wace rana zan ce musu zan zo, tunda ni ma ban sani ba?"

Ƙanena, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Kada ka ba su rana ɗaya, kada kuma ka rubuta "sai na warke". Ba su ranaku uku: mafi kusa da za ka iya zuwa, mafi nisa da ake tsammani, da ranar da za ka sake rubuto musu da labari tabbatacce.

Na koyi wannan da jikina. Shekarun baya an yi mini aiki a gwiwa a nan Faransa. Saboda tsoron kada a ga na daɗe, na ce wa shugabar sashenmu mako uku zan yi. Mako uku ya cika ban iya taka matakala ba, aka ƙara biyu, aka sake ƙara uku. A karo na uku ta ce mini da ta san abin zai kai wata biyu, da tun farko ta ɗauko wanda zai riƙe aikin na wucin gadi. Ciwona bai dame ta ba, yawan sauya magana ne ya gajiyar da ita, har abokan aikina suka riƙa ɗaukar nauyina mako bayan mako ba tare da shiri ba. Har yau ina jin nauyin abin.

Maganin da kake sha yana da tsari sananne, kuma daga cikinsa za ka fitar da ranakunka. Wata biyu na farko ana haɗa magunguna huɗu, sauran wata huɗu a koma biyu. A ƙarshen wata na biyu ana sake gwada kaki, a ga ko ƙwayar cutar ta ja baya. A lissafinka wannan gwaji zai faɗo wajen 10 ga Satumba. In komai ya tafi daidai, wata shida zai cika ranar 10 ga Janairu. Akwai waɗanda likita ke tsawaita musu zuwa wata tara, wato 10 ga Afrilu a wajenka. To ka ga gefe biyun sun fito, ga kuma ranar da hazo zai fara washewa.

Sai dai kada ka yi wannan lissafi kai kaɗai ka aika. Koma wajen likitanka ka sauya tambayar. In ka ce masa "yaushe zan warke?", ba zai amsa ba, domin ba ya son a kama shi da alkawari. Tambaye shi: in abin ya tafi lafiya, yaushe ne mafi kusa da zai yarda in yi tafiya in shiga aji? In ya ja, zuwa yaushe aka saba gani? Wane gwaji ne zai nuna mana inda muka dosa? Waɗannan yana iya amsawa. Ta yiwu ma ya ce ba sai ka gama maganin duka ba za ka iya tafiya, ko ya fi son ka ƙarasa a hannunsa. Wannan hukuncinsa ne. Roƙe shi ya rubuta takarda da Faransanci, da sa hannu da hatimi, mai cewa kana kan magani tun ranar kaza, ana tsammanin zai ɗauki wata shida zuwa tara.

Ba dole ba ne sunan cutar ya shiga wasiƙarka. Mai kula da rajista yana neman sanin tsawon lokaci ne da shaidar likita. In daga baya likitan jami'a ko na ofishin shige da fice ya tambaye ka, shi kam ka gaya masa gaskiya duka.

Ga inda mutane suke tuntuɓe. Ranar gama magani daban, ranar zama a aji daban. Tsakaninsu akwai biza, da tafiya Yawunde, da tikiti, da neman ɗaki. Ka ƙara makonni a kan kowane gefe, sai tazararka ta zama daga ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Afrilu. Yanzu ɗora ta a kan kalandar jami'a. Zango na biyu a Faransa yakan fara ne a Janairu, zuwa Afrilu kuwa darussa sun kusa ƙarewa. Ma'ana gefe na kusa da ƙyar zai riski zango na biyu, gefe na nesa kuwa shekarar ta wuce. Saboda haka roƙonka ma ya zama kashi biyu. Ga yadda zan tsara shi, kai sai ka mayar da Faransanci:

"Likitana ya ɗora ni kan magani tun 10 ga Yuli, kuma ba zan iya halartar buɗe karatu a Satumba ba. Bisa takardarsa da na haɗo, zan iya zuwa tsakanin ƙarshen Janairu da ƙarshen Afrilu. Za a yi mini gwaji wajen 10 ga Satumba, kuma zan sanar da ku sakamakon lissafin kafin 20 ga Satumba. Ina roƙon ku gaya mini ko akwai damar shiga a zango na biyu. In babu, ko in jinyar ta kai Afrilu, ina roƙon a riƙe mini gurbin zuwa Satumbar baɗi."

Dubi kwana goma da na bari tsakanin gwaji da ranar rubutu. Sakamako yakan yi jinkiri, likita yakan yi tafiya. Ranar 20 ga Satumba kuwa ka rubuta ko da babu sabon labari, ka ce sakamako bai fito ba, ga sabuwar rana. Wannan ranar ita kaɗai ce a hannunka, kuma da ita za su auna ko maganarka abin dogaro ce.

Aika wasiƙar yanzu ga shugaban kwas ɗin da ofishin rajista tare, kada ka bari sai an buɗe an nemi sunanka an rasa. Kuma ka shirya zuciyarka: riƙe gurbi alfarma ce, ba kowace jami'a ke yi ba, kwasa-kwasan digiri na biyu da yawa ba sa karɓar sabon ɗalibi a tsakiyar shekara. In suka ce sai ka sake nema, tambaye su a rubuce, ka kuma sanar da ofishin Campus France, hukumar da ke kula da masu neman karatu a Faransa, da ke riƙe da takardunka, don kada lokacin neman gurbin baɗi ya wuce ka kana kwance.

Abu ɗaya ke iya rushe lissafin nan duka: in gwaji ya nuna ƙwayar ba ta jin maganin farko, za a sauya magani, tsawon jinya ya sauya. In haka ta faru, kada ka riƙa ƙara wata ɗaya-ɗaya irin nawa. Karɓo sabuwar takarda, ka rubuta sabuwar tazara daga tushe. Kuma don Allah kada zumuɗin tafiya ya sa ka tsallake ko kwana ɗaya na magani, domin yankewa na cikin abin da ke sa ƙwayar ta daina jin magani. Ka gaida su Inna, ka rubuto mini bayan gwajin Satumba.