Gora nawa zan sayar kafin in fara cin riba?

"Salam Alhaji, ina da ɗan shagon kunun aya a Agege, ana ciniki amma ƙarshen wata ba na ganin komai a hannu. An sa min Excel a waya, ya zan yi in san gora nawa ke mayar min da kuɗina?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Gida uku kawai za ka cike, na huɗu shi zai ba ka amsa.

A B1, wato gidan farko a ƙarƙashin harafin B, ka sa kuɗin da dole su fita duk wata, ko ka sayar ko baka sayar ba. Tunda a Legas haya ta shekara ake biya, raba ta 12, a ce 360,000 ce, kenan 30,000 a wata. Albashin yaro 40,000, wuta da man janareta 35,000, kuɗin shara da na ƙaramar hukuma 5,000, sai ka ware wa firiza 10,000 don wata rana zata mutu. Ya kama 120,000. A B2 farashin gora ɗaya, 500. A B3 abinda gora ɗaya ke ci maka, wato aya, dabino, kwakwa, niƙa, ruwa da ita kanta robar, a ce 300. Sai a B4 ka rubuta:

```
=ROUNDUP(B1/(B2-B3),0)
```

Zai nuna 600, don kowace gora 200 take bar maka, su ne ke taruwa su biya 120,000 ɗin. In kwana 26 kake buɗewa a wata, gora 24 kenan kullum, ƙasa da haka daga jarinka kake ci.

Amma B3 ɗin nan nake so ka tsaya a kai sosai, don nan ne mutanenmu ke cutar kansu. Ka kashe 15,000 ka haɗa gora 50, kace ai 300 ce, alhali an ɗauke wuta da daddare uku sun yi tsami, biyu kuma ka ba maƙwabta, to 45 ka sayar, da 45 ɗin zaka raba, gora ta koma wajen 333 kuma B4 ya tashi zuwa kusan 720. Ka ga gora biyar ɗin da ka raina sun ƙara maka gora 120 a wata. Haka in aya ta yi tsada a kasuwar Mile 12 har B3 ya kai 350, sai ka sayar da gora 800. Don Allah duk ranar da ka yi sari ka gyara gidan nan.

In ka ga #VALUE! to ka haɗa harafi da lamba ne, kamar N500, goge N ɗin. In #DIV/0! ya fito, B2 da B3 sun zo ɗaya. In lambar ta fito da alamar ragi, faɗuwa kake a kowace gora, yawan ciniki ƙara ramin zai yi, sai dai ka ƙara farashi ko ka rage girman roba.

Sannan kuɗin cefanen da kake ɗiba a shagon, ka yanka wa kanka albashi ka zuba shi a B1. In 60,000 ne, 600 ɗin can ta koma 900.