Kalmar Larabci da ta zauna a Hausa ba lalle ta riƙe ma'anarta ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina rubuta maƙala da Hausa kan siffofin Allah a wurin Asha'ira, mabiya mazhabar aƙida ta Imam Ash'ari. Mai duba aikina ya ce duk kalmar da Hausa ta riga ta ara, kamar wajibi, zati da siffa, in bar ta yadda take, ba ta buƙatar fassara. Amma da na karanta wa yayata wani sashe, sai ta ce kamar ina ba Allah jiki. Wallahi hankalina ya tashi, ina tsoron in rubuta abin da zai taɓa imanina. Ɗaliba, daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ki kwantar da hankalinki, imaninki na nan lafiya. Ki kuma gode wa yayarki, don ta yi miki aikin da ya kamata mai dubawa ya yi.

Shawarar da aka ba ki ita ce kuskuren da na fi cin karo da shi a wannan fage, kuma na gaji da jin sa daga bakin manya. Kalma idan ta shekara ɗaruruwa a bakin Bahaushe, ta zama tasa, ya ɗora mata kayan da ya ga dama. Ki ce wa mutum "wane yana da zati", abin da zai gani shi ne ƙaƙƙarfan mutum mai cikar halitta da kwarjini. Ki ce "faɗa mini siffarsa", za a ce miki dogo ne, fari, mai saje. To wannan kunnen ne zai karanta "zatin Allah da siffofinsa". Malamin kalam kuwa, wato masanin ilimin aƙida, da ya ce zati yana nufin haƙiƙanin abu, shi kansa abin da ake siffantawa, ba ƙira ba. Baƙuwar kalma ma ta fi sauƙi, don mai karatu zai tsaya ya tambaya. Wadda ya sani ba ya tsayawa, wucewa yake yi da ma'anar kasuwa yana ganin ya fahimta.

Bari in tsaya kan wajibi, don nan ne ɓarnar ta fi muni. Imam Sanusi, malamin Tilimsan da ya rasu a 1490, ya buɗe littafinsa Ummul Barahina da raba hukuncin hankali gida uku: wajibi, mustahili da ja'izi. Wajibi a wurinsa shi ne abin da hankali ba ya iya suranta rashinsa. Babu umarni a ciki, babu lada, babu zunubi. Wajibin da Bahaushe ya sani kuwa na fiƙihu ne: abin da aka ɗora maka, in ka bari a kama ka da laifi. Idan kika rubuta "ilimi wajibi ne ga Allah", mai karatu ya saba jin "neman ilimi wajibi ne ga kowane Musulmi", ginin jimlar iri ɗaya ne sak. Me zai fahimta? Cewa an ɗora wa Allah nauyin ya yi ilimi. Subhanallah.

Abin bai tsaya nan ba. Mu'utazilawa, wata mazhabar aƙida da ta saɓa wa Asha'ira, sun ce aikata abin da ya fi zama maslaha ga bayi wajibi ne a kan Allah, Asha'ira kuma suka ce babu abin da yake wajaba a kansa. Larabci ya raba maganganun biyu da ɗan harafi: siffofi wajibai ne "lillahi" ko "fi haƙƙihi", wancan kuwa "alallahi". A Hausa "ga" tana iya cinye su duka. Na taɓa duba wata maƙala da aka aiko mini inda marubucin ya ce a shafi na 4 abubuwa ashirin sun wajaba ga Allah, a shafi na 9 kuma ya ce Asha'ira sun ƙi yarda wani abu ya wajaba ga Allah. A Larabcin da yake fassarawa babu tufka da warwara, shi ya saƙa ta da hannunsa. Da na nuna masa, amsarsa ita ce haka ake faɗa a zaure.

Gaskiya ne haka ake faɗa a zaure, kuma ban raina fassarar zaure ba. Malamanmu sun yi ƙoƙari ƙwarai: samuwa, wanzuwa, saɓa wa fararru, kaɗaitaka, duk nasu ne, kuma "fararre" ta fi duk wata kalma da za ki ƙirƙiro yau. Amma fassarar zaure tafe take da malami a zaune kan buzu. Ya ce "abin da ya halatta a haƙƙin Allah", almajiri ya ɗaga kai, sai ya yi masa sharhi. Maƙalarki ba ta da wanda zai bi ta yana sharhi. Mai karatu zai ga "ya halatta" ya ce wa ya halatta masa?

Ga yadda zan yi da wannan jimlar. Sanusi ya ce ja'izi a haƙƙin Allah shi ne aikata kowane mumkini ko barinsa. Sai in rubuta: "Abin da yake ja'izi game da Allah, wato abin da hankali yake karɓar samuwarsa da rashinsa, shi ne ya aikata kowane abu mai yiwuwa ko ya bar shi." Kin ga ban jefar da kalmar fannin ba, amma na ɗaure ta da ma'anar da shi marubucin ya ba ta, ba wadda ƙamus ya ba ta ba. Haka wajibi: a karon farko ki ce "wajibi na hankali, wato abin da rashinsa ba ya yiwuwa", ki riƙa cewa "game da Allah", ki ajiye "a kan Allah" don maganar Mu'utazilawa kawai. Zati kuma jimla ɗaya ta ishe ki: nan ana nufin haƙiƙa, ba ƙira ko jiki ba.

Wani lokaci Hausar ce ke gazawa. Ƙidamu, ɗaya daga siffofin Allah, ana fassara shi da daɗewa, alhali tsohuwar ganuwa ma ta daɗe kuma tana da ranar da aka fara gina ta. "Rashin farko" ya fi. Saboda haka masu cewa sai an kawo Hausa zalla su ma ba su tsira ba.

Daga nan sai riƙo. Ki buɗe takarda daban, ki rubuta kowace kalma da fassarar da kika tsayar mata, kada ki sauya ko sau ɗaya. Abin da aka koya mana a insha'i na gudun maimaita kalma ba ya aiki a nan. In kika ce ƙudura a nan, iko a can, ƙarfi a gaba, mai karatu zai ƙirga siffofi uku. Ita ƙudura ma ki yi hattara da ita, tana kama da ƙudura niyya, sai ta zame ta koma irada, wato nufi. Ni "iko" nake zaɓa.

Kafin ki miƙa aikin, ki sake komawa wurin yayarki da sakin layin da kika gyara. Kada ki tambaye ta ko ta gane, za ta ce e don kara. Ki ce ta maimaita miki da bakinta abin da aka ce game da Allah. Duk inda maimaicinta ya kauce, ki ja layi a ƙarƙashin kalmar. Shi kuma mai duba aikin, ki kai masa jimlar "ilimi wajibi ne ga Allah" ita kaɗai a kan takarda, cikin ladabi, ki roƙe shi ya karanta ta da ƙarfi.